Cinikin gwaji ko ƙaramin kuɗi na gaske: wanne ya kamata manhajar ciniki ta fara da shi?

Wani ƙanena da ke zaune a Sabon Gari, a nan Damagaram, ya shafe watanni yana rubuta manhajar da za ta riƙa saye da sayarwa a kasuwar kuɗaɗen intanet ba tare da ya taɓa komai ba. Da ya gama, ya gwada ta da farashin shekaru biyu da suka wuce, sakamako ya yi kyau, sai ya zo mini da kwamfutarsa bayan sallar la'asar ya ce: "Yaya, abin da ya rage shi ne in zaɓa. Ko dai in bar ta wata biyu a asusun gwaji, inda kuɗin na ƙarya ne, ko kuma in zuba mata kuɗi kaɗan na gaske tun yanzu in ga abin da za ta yi." Tambayar tana da nauyi, domin hanyoyin biyu ba abu ɗaya suke aunawa ba, kuma wanda ya ɗauka cewa ɗaya tana maye gurbin ɗaya zai yi asarar ko dai lokacinsa ko dukiyarsa.

Cinikin gwaji, wanda wasu ke kira ciniki a takarda, shi ne a haɗa manhaja da farashin kasuwa na wannan lokaci, ta riƙa aika oda kamar da gaske, amma odar ba ta isa kasuwa: wata na'urar kwaikwayo ce ke karɓarta ta yanke hukuncin ko ta cika ko ba ta cika ba, ta rubuta riba ko asara a asusun da babu kuɗi a cikinsa. Ya bambanta da gwaji da tsofaffin farashi, inda ake cinye shekara biyu cikin minti biyu, kuma manhaja ba ta taɓa fuskantar yankewar rezo ko ƙin karɓar oda ba. A cinikin gwaji kwana ɗaya kwana ɗaya ne, kuma mai manhaja ba shi da damar leƙa farashin gobe ya gyara ƙa'idojinsa su dace da shi. Wannan kaɗai ya isa ya tona asirin tsare-tsare da dama waɗanda aka yi ta gyarawa har suka haddace tsohon farashi.

Inda cinikin gwaji ya fi ƙarfi shi ne binciken lafiyar manhajar kanta, kuma a wannan fanni ban ga dalilin da zai sa mutum ya biya kuɗi don koyon abin da zai iya koya kyauta ba. Kurakuran da ke cinye asusu cikin dare ɗaya galibi ba na dabarar ciniki ba ne, na aikin injin ne. Shekarun baya, lokacin bazara, ina gudanar da tawa manhajar a asusun gwaji daga ɗakina, sai aka ɗauke wuta daidai lokacin da ta aika odar saye, kafin amsar dillali ta dawo. Akwatin intanet ya mutu, batirin kwamfutar ya riƙe. Da wuta ta dawo bayan kamar minti ashirin, manhajar ta duba kundinta ba ta ga shaidar cewa odar ta shiga ba, sai ta sake aikawa, alhali ta farko ta riga ta cika. Na tarar da ninki biyu na abin da na yi niyyar saye, kuma rabinsa ba shi da odar tsayar da asara, wadda ke sayarwa da kanta idan farashi ya faɗi zuwa wani mataki, domin manhajar ba ta san da zamansa ba. Na zauna ina kallon layukan nan biyu a allo, ina lissafin abin da zai faru da kuɗin na gaske ne kuma farashi ya faɗi a cikin daren.

Maganin wannan kuskure sananne ne. Kowace oda manhaja ta ba ta lambarta ta musamman kafin ta aika (a Binance, kasuwar kuɗaɗen intanet, filin shi ne `newClientOrderId`, a Alpaca kuma, wani dillalin hannayen jari na Amurka, `client_order_id`), sannan duk lokacin da ta farfaɗo daga yankewa, aikinta na farko shi ne ta tambayi dillali abin da ke buɗe a asusun da kuma makomar odar da ke ɗauke da waccan lamba, ta gaskata amsar dillali a kan abin da ke cikin kundinta. Amma mutum ba zai san ko ya rubuta wannan daidai ba sai ya gwada, kuma asusun gwaji ne wurin da zai iya zare wayar intanet da gangan sau goma a tsakiyar oda ba tare da fargaba ba. Ga mu da ke zaune inda wuta da rezo ke yankewa, musamman a watannin Afrilu da Mayu, wannan gwaji wajibi ne, ko da daga baya za a kama hayar kwamfuta a wata cibiya a ƙetare a ɗora manhajar a kanta.

Akwai kuma batun agogo, wanda ke kama mutanenmu fiye da yadda ake zato. Nijar tana gaba da agogon duniya da awa ɗaya duk shekara, ba ta sauyawa. Amurka kuwa tana matsar da agogonta a Lahadi ta biyu ta watan Maris, ta mayar da shi a Lahadi ta farko ta Nuwamba. Saboda haka kasuwar hannayen jari ta New York, wadda ke buɗewa ƙarfe 9:30 na safiyarsu, tana buɗewa ƙarfe 14:30 a agogon Damagaram daga Maris zuwa farkon Nuwamba, sannan ta koma 15:30 a sauran watannin. Manhajar da aka rubuta wa ƙarfe 15:30 a watan Janairu za ta makara da awa guda cur daga tsakiyar Maris. Ko agogon kwamfutar kanta yana iya zama matsala: Binance tana ƙin oda da lambar kuskure `-1021` idan lokacin da ke jikin saƙon ya kauce wa nata fiye da tazarar `recvWindow`, wadda bisa al'ada daƙiƙa 5 ce. Irin waɗannan abubuwa duka suna bayyana a asusun gwaji, tare da ƙin karɓar oda saboda adadin bai dace da ma'aunin kasuwa ba ko darajar odar ta gaza mafi ƙarancin da aka yarda da shi.

Raunin cinikin gwaji yana wuri ɗaya, kuma wurin ne riba ke zama ko ta tafi: cikar oda. A Kasuwar Dole, idan mutum ya taya buhun gero a wani farashi, ganin an sayar wa wani a wannan farashin bai nufin shi ma ya samu ba, domin wataƙila buhu uku ne kawai mai kayan ya sallama, kuma akwai waɗanda suka riga shi tayawa. Kasuwar na'ura ma haka take, sai dai layin ya fi tsauri: odoji masu ƙayyadadden farashi suna jeruwa, a mafi yawan kasuwanni wanda ya riga zuwa a farashi ɗaya shi ake fara sallama. Na'urar kwaikwayo ba ta da gurbi a wannan layi. Masu sauƙi daga cikinsu, har da yawancin waɗanda mutane ke rubuta wa kansu, suna cewa oda ta cika da zarar farashi ya taɓa ta. Masu ɗan tsauri suna jira sai farashin masu sayarwa ya sauko zuwa inda aka taya, amma ko su ba lallai su duba ko kayan da ke wurin sun kai yawan da aka nema ba. Kamfanin Alpaca ya faɗa a bayanansa cewa asusun gwajinsa ba ya lissafa matsayin oda a layi, da zamewar farashi saboda jinkirin saƙo, da tasirin da odar mutum ke yi wa kasuwa.

Bari mu bi lissafi, da alƙaluman misali irin waɗanda na zana wa ƙanena a takarda. A ce manhaja tana saye da jika sittin, wato sefa 60,000, a kowace oda, da ƙayyadadden farashi kaɗan ƙasa da na kasuwa, kuma tana fita idan ta ci kashi 1.5 cikin ɗari ko ta faɗi kashi 1.5, wato sefa 900 ta kowane ɓangare. A ce kamashon kasuwa kashi 0.1 cikin ɗari ne a saye da kuma a sayarwa, wanda ya kama kimanin sefa 120 a kowane zagaye. Bayan ciniki 100 a asusun gwaji, 60 sun ci, 40 sun faɗi. Bambancin 20 sau 900 ya ba da sefa 18,000, a cire kamasho na 12,000, saura ribar 6,000. Mai manhaja zai ga haka ya ce abin yana aiki.

Yanzu a mayar da cinikin nan 100 kasuwa ta gaske. A cikin 60 da suka ci, a ce 9 farashi ya taɓa odar ne kawai ya juya sama nan take. A gaske waɗannan ba za su cika ba, domin waɗanda ke gaba a layi sun kwashe ɗan abin da aka sayar. Amma 40 ɗin da suka faɗi duka za su cika, tun da farashi ya ratsa odar ya ci gaba da gangarawa, ya share layin baki ɗaya. Wannan shi ne abin da ya fi muhimmanci a fahimta: odojin da ke kuɓucewa ba a cakuɗe suke ba, masu kyau ne ke kuɓucewa, munanan kuma su zauna. Saura ciniki 91, 51 sun ci, 40 sun faɗi. Bambancin 11 sau 900 ya ba da 9,900, kamasho na 91 ya kama 10,920, an riga an shiga asarar 1,020. Sannan odar tsayar da asara, idan lokacinta ya yi, tana sayarwa ne a farashin da ta samu yayin da kasuwa ke gudu; a ce tana zamewa da kashi 0.1 cikin ɗari, sefa 60 sau 40, wato 2,400. Ribar 6,000 ta takarda ta koma asarar 3,420, alhali ba a sauya ko layi ɗaya a manhajar ba.

Ana iya hango wannan tun daga kundin gwaji, in dai an rubuta abin da ya kamata. Ga kowace oda, manhaja ta adana lokacin da ta yanke shawara, da farashin masu saye da na masu sayarwa a wannan lokaci, da farashin da aka ce ta cika, da mafi ƙasan farashin da kasuwa ta kai yayin da odar ke jira. Daga nan sai a sake ƙirga da ƙa'ida mai tsanani: oda ba ta cika ba sai farashi ya wuce ta da aƙalla mataki ɗaya, kuma kowace fita ta gaggawa a ɗora mata zamewa. Idan riba ta tsira daga wannan ƙirga, akwai abin dubawa. Idan ta ɓace, to ribar ta na'urar kwaikwayo ce tun farko.

Wani abin da ke cikin misalin nan kuma shi ne ƙarancin adadi. Da kamashon sefa 120, manhajar tana buƙatar ci kimanin 57 cikin 100 kafin ta mayar da uwar kuɗi. Ci 60 ya zarce hakan da 3 kawai, alhali a ciniki 100 sa'a zalla tana iya kai adadin sama ko ƙasa da 5 ba tare da wani abin mamaki ba. Sai an ninka cinikin sau huɗu, ya kai 400, kafin wannan kai-komo a kowane ɗari ya ragu da rabi. Manhajar da ke ciniki biyu a rana za ta ɗauki kwana 50 kafin ta tara 100, kwana 200 kafin ta tara 400. Don haka wata biyu na gwaji, a takarda ne ko da kuɗi, ba sa tabbatar da cewa dabara tana da riba. Abin da suke iya nunawa shi ne ko manhaja tana yin abin da aka rubuta mata, da kuma ko cinikin da ta yi a waɗannan kwanaki ya yi daidai da wanda gwajin tsofaffin farashi zai fitar idan aka ba shi kwanakin nan. Wannan kwatanci na ƙarshe yana da amfani ƙwarai, kuma mutane kaɗan ne ke yin sa: duk inda biyun suka saɓa, akwai kuskure a ɗayansu da ya kamata a gano.

Asusun gwajin ma ba iri ɗaya ba ne. Dandalin gwajin Binance, `testnet.binance.vision`, yana da nasa littafin odoji daban da na kasuwa ta gaske, ana kuma share shi lokaci zuwa lokaci, saboda haka ya dace da gwada aikawa da sokewa da karɓar kurakurai, amma ribar da aka gani a can ba hujja ba ce ta komai. Asusun `Demo` na manhajar ciniki ta MetaTrader yana tafiya da farashin dillali, sai dai cikar oda a cikinsa kan fi ta asusun gaske laushi, musamman lokacin fitar manyan labarai da tazarar saye da sayarwa ke buɗewa. Alpaca tana ba da dalar Amurka 100,000 ta gwaji tun farko, kamfanin dillanci na Interactive Brokers kuma miliyan ɗaya. Wannan yawan kuɗi tarko ne ga wanda jarinsa jika ɗari uku ne, domin manhajarsa ba za ta taɓa cin karo da ƙin oda saboda ƙarancin kuɗi ba. Ya wajaba a rage asusun, ko a takaita manhajar, zuwa daidai abin da za a zuba da gaske.

To, ƙaramin kuɗi na gaske fa? Shi ne kaɗai ke amsa tambayar da takarda ta kasa: odoji nawa ne ke cika, a wane farashi, kuma nawa ake cirewa. Oda ta jika uku tana tsayawa a layi ɗaya da ta miliyan uku, don haka ko da ƙanƙanin adadi mutum zai ga yawan odojin da ke kuɓuce masa. Yana kuma gwada mai manhajar, domin wanda ya kalli asarar ƙarya sau shida a jere hankali kwance yana iya kashe manhajarsa a asara ta uku ta gaske. Amma yana da iyakoki uku da ya kamata a sani. Na farko, ƙaramar oda ba ta nuna yadda babba za ta ture farashi a kasuwar da ba ta da zurfi. Na biyu, "ƙarami" ba koyaushe yake ƙarami ba: a kasuwar musayar kuɗaɗe, mafi ƙarancin oda a wurin dillalai da yawa shi ne `0.01` na ma'auni, wanda a `EURUSD` yake nufin yuro 1,000, kuma tun da yuro ɗaya sefa 655.957 ne, mutum yana riƙe da abin da ya haura jika ɗari shida da hamsin ko da abin da ya ajiye bai kai jika talatin ba. Na uku, ƙanƙantar oda ba ta kare mutum daga manhajar da ta rikice ta aika ta sau ɗari. A ranar 1 ga Agusta 2012, kamfanin Knight Capital na Amurka ya yi asarar fiye da dalar Amurka miliyan 400 cikin kimanin minti 45, saboda an ɗora sabuwar manhaja a kan na'urori bakwai daga cikin takwas, ta takwas ɗin ta tayar da wani tsohon umarni ta yi ta zuba odoji babu mai tsayar da ita.

Ranar sauyawa daga gwaji zuwa gaske tana da nata haɗari, domin bambancin sau da yawa bai wuce kalma ɗaya ko lamba ɗaya ba. A Alpaca, `paper-api.alpaca.markets` gwaji ne, `api.alpaca.markets` kuma gaske. A manhajar TWS ta Interactive Brokers, ƙofa `7497` ce aka saba ba wa gwaji, `7496` kuma ta gaske, kuma lambar asusun gwaji tana farawa da `DU`. Yana da kyau manhajar da ake gwadawa ta duba da kanta ta ƙi tashi idan ta ga asusun ba na gwaji ba ne:

```python
if not account_id.startswith("DU"):
    raise SystemExit(1)
```

Haka kuma iyakokin tsaro, wato mafi girman oda ɗaya, da yawan odoji a awa, da asarar da idan an kai ta a rana manhaja za ta soke komai ta tsaya, a asusun gwaji ake tabbatar da cewa suna aiki, ta hanyar matsa su ƙasa da gangan har su kama.

Zaɓin, a ganina, ya rataya ne a kan irin odar da manhaja ke amfani da ita da kuma girman ribar da take nema idan aka kwatanta da kuɗin ciniki. Manhajar da ke ciniki sau ɗaya ko biyu a mako, a kasuwa mai zurfi, tana karɓar farashin da ta tarar kuma tana neman kashi biyar ko goma cikin ɗari, sakamakonta na takarda zai yi kusa da na gaske, domin zamewar kashi 0.1 ba ta girgiza irin wannan riba. Mai ita yana iya daɗewa a gwaji ya kuma amince da abin da ya gani. Manhajar da ke jiran a cika mata ƙayyadadden farashi, tana neman kashi ɗaya ko ƙasa da haka sau da yawa a rana, tsawaita gwajinta zuwa wata shida ba zai ƙara mata komai ba sai ƙarfin gwiwa marar tushe, tun da amsar tana cikin layin da takarda ba ta gani.

Ta ƙanena irin ta biyun ce. Na ce masa ya bar ta mako uku zuwa huɗu a asusun gwaji da jarin da ya yi daidai da nasa, ya yanke mata rezo da wuta da hannunsa a tsakiyar oda, ya tabbatar kowace safiya cewa abin da ke kundinta ya yi daidai da abin da dillali ke nunawa, kuma duk ranar da ya gyara wani abu mai muhimmanci a cikinta ya sake ƙirga kwanakin daga farko. Idan ta wuce wannan, ya buɗe mata kuɗi na gaske da mafi ƙarancin odar da kasuwa ke karɓa, da adadin da ya yarda ya rasa baki ɗaya, amma kada ya rufe asusun gwajin: su tafi tare, da ƙa'idoji ɗaya, a lokaci ɗaya. Bayan odoji hamsin ya jera kundin biyu gefe da gefe, ya ƙirga waɗanda suka cika a takarda ba su cika a gaske ba, ya duba nawa ne daga cikinsu masu ci, ya auna matsakaicin zamewar fita, sannan ya mayar da waɗannan alƙaluma cikin gwajin shekaru biyun da ya fara yi. Ya rufe kwamfutarsa ya ce zai fara da zare wayar intanet a daren nan, tun da bai taɓa ganin abin da manhajar ke yi idan ta farfaɗo ba.